Wace Larabar, Likita?

Shekara talatin da ɗaya Anti Gyara ta yi tana aiki a cibiyar ƙera ƙafafun roba, kuma saura wata huɗu ta yi ritaya aka miƙa mata takardar tuhuma ta farko a rayuwarta. Duk wanda ya santa ya ji labarin, sai ya fara tambaya ko ita ce dai, ko wata ce mai irin sunanta.

Sunan ma ba na yanka ba ne. Ta samo shi ne tun tana ƙaramar mai buga tafireta, zamanin da kuskuren harafi ɗaya ke sa a yaga takarda a sake daga farko. Ba ta iya wuce rubutu karkatacce ba ta tanka ba. Jan biro yana jakarta kullum, kusa da mabuɗin gida. Mijinta, wanda unguwa ke kira Mai Agogo saboda sana'arsa, har yau yana ba da labarin wasiƙar farko da ya rubuta mata.

"Shafi biyu na cika da zuciyata," in ji shi, "ta dawo min da ita da jan layi goma sha ɗaya. A ƙasa ta rubuta, 'Na amince, amma ka sake kwafa.'"

Teburinta yana bakin ƙofar ofishin Likita, daura da dogon bencin da marasa lafiya ke jira. Waya ɗaya, kwamfuta ɗaya, babban littafin ganin likita, da wata tsohuwar fanka mai kaɗa kai kamar tana musu. Likita shi kaɗai ke duba dungulmin ƙafa ya ce ya warke, a auna. In bai sa hannu ba, masu ƙira ba su taɓa mutum. Ƙananan asibitoci na nesa kuwa, imel suke aiko masa kai tsaye su tambayi ranar da za su turo majinyatansu. Akwatin imel ɗin nasa ne, Anti ba ta da izinin buɗe shi, ba ta kuma taɓa nema ba.

Ranar Juma'a ta ƙarshen watan Mayu Likita ya tafi kwas na mako uku. Yana tsaye da jaka a kafaɗa ya kunna amsar nan da kwamfuta ke mayar wa duk wanda ya aiko saƙo in mai akwati ba ya nan. Anti ta leƙo.

"Yallaɓai, kawo in rubuta maka."

"Haba Anti, layi uku ne fa. Ko shi ma sai an kai wa malama ta duba?"

Ya yi dariya ya fice.

Laraba ta farko, kafin ƙarfe tara bencin ya cika. Mutum bakwai, kowa da ɗan rakiya, kowa da sanduna. Ba ɗayansu a littafinta. Wata ma'aikaciyar jinya da ta rako biyu daga cikinsu ta ɗora mata waya a kan tebur.

"Ga abin da ofishinku ya turo mana. Karanta da kanki."

Anti ta gyara tabarau ta karanta:

"Wasiƙarka ya iso. Bana ofis ina tafiya na kwas. Zan dawo Laraba ko bayan haka in angama. Idan da gaggawa ka tuntuɓi sakatariya na."

Ta sake karantawa. Kunnuwanta suka yi zafi. Wasiƙa ta zama namiji, sakatariya ma haka, kalmomi sun manne da juna, ga ba lambar waya. Wannan duk kunya ce kawai, ana iya haɗiye ta. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Larabar. Wace Larabar? Wanda ya karanta ranar Litinin zai ce jibi ne. Wanda ya karanta ranar Alhamis zai ce ta mako mai zuwa. Saƙon ba ya tsufa, kullum Laraba tana gaba.

Ita ta tsaya ta ba mutum bakwai haƙuri, ɗaya bayan ɗaya. Ita aka yi wa tsaki. Wani ɗan rakiya ya ce, "Ku dai kuna zaune ƙarƙashin fanka, me ya dame ku?" Ta rubuta sunan yayansa a littafi, kafin ta samo ranar da ta tabbata.

Da yamma ta kira Likita ta tambaye shi ranar dawowa. Ya ce jirginsa zai sauka Laraba, sha tara ga wata.

"Ba saukar jirgi nake tambaya ba, Yallaɓai. Yaushe za ka zauna ka duba ƙafa?"

"To, sai Litinin ta gaba."

"Ka ga ma ba Larabar ba ce."

Ta zauna ta buga sabon saƙo:

"Saƙonku ya iso, mun gode. Likita ba ya ofis daga Litinin 3 ga Yuni zuwa Juma'a 21 ga Yuni. Zai fara duba marasa lafiya ranar Litinin 24 ga Yuni, da ƙarfe takwas na safe. Don Allah kada a turo majinyaci kafin wannan rana. Don samun ranar ganin likita, a kira sakatariyarsa a lambar da ke ƙasa."

Likita ya ce a ba Mataimakinsa, shi ya bar wa izinin shiga akwatin. Washegari ta kai masa.

Mataimaki mutum ne mai son a gan shi yana sauri. Ya karɓi takardar da yatsa biyu.

"Anti, wannan ai wasiƙar neman aure ce, ba amsar imel ba."

"Ka sa ta yadda take, Yallaɓai. Ko in zauna kusa da kai mu yi tare?"

"Ni za ki koya wa kwamfuta? Je ki, minti biyu ne."

Bayan minti goma ya fito yana kaɗa wata takarda. Ya aika saƙon gwaji daga adireshinsa na ofis, sabuwar amsar ta dawo masa tsaf, har ya buga ta.

"Kin gani? An wuce wurin."

Ta duba, ba kuskure ko ɗaya. Ta kira asibitocin da suka turo mutane jiya ta faɗa musu ranar gaskiya, ta ɗauka magana ta ƙare.

Laraba ta biyu mutum goma sha ɗaya suka zo, daga wasu asibitocin dabam. Benci bai ɗauke su ba, wasu suka zauna a ƙasa suka jingina sandunansu da bango. Cikinsu akwai wani tsohon direba da ya rasa ƙafar dama a haɗari. Tafiyar awa shida aka yi da shi a bayan mota, girgizar hanya ta sa ɗinkin ya soma tsattsafo da jini. Ƙanwarsa ce ta kawo shi, malamar makaranta mai baki kamar reza.

"Wa ya ce ku zo yau?" in ji Anti.

"Ofishinku! Asibitinmu suka ce daga nan aka ce Laraba. Ke ce sakatariyar, ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, amma..."

"To ki dubi ƙafar nan. Dube ta! Na bar ɗalibaina, na ɗauko bawan Allah kamar buhu, ki ce min likita ba ya nan? Ke da ƙafafunki biyu!"

Tsohon ya ja mayafinta. "Ya isa, ƙanwata. Bar ta haka."

"Ba zan bari ba, Yaya. Sai na ga wanda ke sama da ita."

Haka kuwa ƙanwar ta yi. Ta rubuta ƙorafi shafi biyu ta kai ofishin Shugabar Ma'aikata, kuma Anti ta yarda har zuciyarta cewa matar tana da gaskiya. Abin da ba ta zata ba shi ne inda gaskiyar za ta faɗo.

Shugaba ta nemi bayani daga Mataimaki. Shi kuwa ya zaro takardar gwajinsa. Ga shaida, an gyara saƙo tun ranar shida ga wata. In har yanzu ana gaya wa mutane Laraba, to ba imel ba ne, waya ce. Wayar kuwa a kan teburin wa take? Ya ƙara da cewa shekaru sun ja, mantuwa ba laifi ba ce.

Ranar Alhamis masinja ya kawo mata takardar tuhuma, Mataimaki ya sa hannu. An ce ta yi bayani a rubuce kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin, ta faɗi dalilin da ba za a hukunta ta ba saboda ba wa jama'a ranar ƙarya.

Ta karanta ta a tsaye. Sannan ta shiga ofishinsa ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni ce mai mantuwa?"

"Anti, ka'ida ce kawai, kada ki ɗauka da zafi."

"Ranar da aka kawo ka nan kana neman ofishin da za ka ajiye jakarka, wa ya buga maka takardar kama aiki? Na manta ranar? Sha huɗu ga Maris ce, ana ruwa, takalminka ɗaya ya ɓalle."

"Ki rubuta amsa, shi ke nan. Ki ce kuskure ne, a yi miki gargaɗi a rufe. Wata huɗu ya rage miki, me gargaɗi zai rage ki da shi?"

"Ba zan amsa abin da ban yi ba. Fayil ɗina shafi ɗari biyu da sha uku ne, ba tabo ko ɗaya. Ba kai za ka zuba masa tawada ba."

Ta koma teburinta. Ta aika saƙo zuwa akwatin Likita daga adireshinta na ofis. Nan take amsa ta dawo, gyararriya, kalmominta ne ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallon allon. A karo na farko ta tambayi kanta ko da gaske ta ce wa wani Laraba a waya ba ta sani ba. Wannan tunanin ya fi takardar ƙona mata rai.

Ranar Asabar da rana tana zaune a tsakar gida da takarda fara a cinya, ta kasa rubuta layi ɗaya. Mai Agogo yana gefe da gilashinsa a ido, ya buɗe cikin wani agogon hannu.

"Uwar yara, tun shekaranjiya kike huci kamar dutsen guga. Abincin ma a fusace yake."

"In bai yi maka ba ka dafa naka."

"Ni dai ina son ganin saƙon nan da ya ƙwace min mata. Faɗa min adireshin Likitan, in gaishe shi da kwas."

"Kai da imel? Tun da 'yarka ta buɗe maka, ka taɓa aika wa wani?"

"Yau zan fara. Ki duba min rubutun dai, kada a dawo min da jan layi."

Ta faɗa masa don ya ƙyale ta. Ya yi ta dangwala waya da yatsa ɗaya, ya aika. Wayar ta yi ƙara. Ya nisantar da ita daga idonsa ya karanta da ƙarfi.

"'Wasiƙarka ya iso. Bana ofis ina tafiya...' Kai! Wannan ne gyaran naki? Ashe tsufa ya kama jan biro."

Ta fizge wayar. Tsohon saƙon ne, da Larabarsa da komai, ga kwanan watan yau a samansa. Ta miƙe tsaye, takardar cinyarta ta faɗi.

"Ba a gyara ba. Wallahi ba a gyara ba!"

"Ba kin ce kin gwada ba?"

"Na gwada, ya zo min daidai. Kai ya zo maka a karkace. Akwati ɗaya, baki biyu."

"To ni me na yi masa?"

Ranar Litinin ba ta rubuta amsa ba. Ta ɗauki wayar mijinta ta tafi ofishin Shugabar Ma'aikata. Mataimaki yana can ya harɗe ƙafa. Fayil ɗinta yana kan tebur, mai kauri, an ɗaure shi da igiya.

"Ina amsarki, Anti?" in ji Shugaba.

"Ga ta, ranki ya daɗe." Ta miƙa wayar. "Shekaranjiya wannan ya zo."

Shugaba ta karanta, ta ɗago ta kalli Mataimaki. Ya leƙa, ya taɓe baki.

"Wayar gida ce fa. Ni ban san yadda aka yi wannan ya shiga ba. A aika yanzu a gabanmu mu gani."

Anti ta aika daga wayar mijinta. Suka jira. Minti ɗaya, biyu. Agogon bango yana ta bugawa, wayar ta yi shiru kamar an yanke mata harshe. Ta sake aikawa. Shiru.

"To," in ji Mataimaki, yana gyara zama. "Hajiya, kin dai gani. Ni ba na son a ce na matsa wa babba, amma abin ya fara zama wasan yara."

Gumi ya keto wa Anti. Ta dafa tebur.

"A kira Injiniya. Ba zan fita daga ɗakin nan ba sai ya zo."

Injiniya shi ke kula da kwamfutocin cibiyar, mutum mai furfura da tafiyar wanda ba a taɓa gaggauta shi ba. Ya shigo da kofin shayinsa, ya saurari kowa, ya kurɓa.

"Wannan wayar ba za ta sake samun amsa ba," ya ce. "Sau ɗaya ake amsa wa kowane adireshi, sai in an kashe abin an sake kunnawa. An riga an amsa mata ranar Asabar. Hajiya, kina da imel naki na kanki, ba na ofis ba? Aika da shi."

Shugaba ta ɗauko wayarta ta aika. Kafin ta ajiye, ta yi ƙara. Ta karanta a hankali, kowace kalma tana fita dabam: "Zan dawo Laraba ko bayan haka in angama."

Ta juya wayar ta nuna wa Mataimaki.

Injiniya ya jawo kwamfutar Shugaba, ya sa Mataimaki ya shiga akwatin Likita, ya buɗe shafin amsar. "Ku duba nan. Gida biyu ne na rubuta amsar. Wannan na ma'aikatan cikin cibiya ne, wancan na mutanen waje. Likita ya sa rubutunsa a duka biyun. Yallaɓai ya gyara na ciki, ya gwada daga ciki, ya ga daidai. Na wajen bai ko buɗe shi ba. Asibitocin nan kuwa duk waje suke."

"Ai gidan farko ne ya buɗe min," in ji Mataimaki. "Kowa zai iya yin wannan kuskuren."

"Kowa zai iya," in ji Anti. Muryarta ta sauka, wanda ya santa ya san nan ne haɗari. "Da ka ce haka ranar Laraba, da ni zan fara cewa a yi maka uzuri. Amma ba ka duba ba. Mutum goma sha ɗaya a ƙasa, tsoho yana zubar da jini, ba ka ce bari in sake leƙawa ba. Ka waiga ka ga wace ce ba za ta iya rama ba, ka ga tsohuwa mai shirin tafiya gida. Ka ce shekaru sun ja. Shekarun nawa ne suka hana ka danna gida na biyu?"

"Anti, a yi haƙuri," in ji Shugaba.

"Haƙurin na ba wa mutum goma sha takwas, ranki ya daɗe, ya ƙare. Jibi Laraba ce. A gyara tukuna."

A gabanta Injiniya ya sa sabon saƙon a gidan waje, ya kashe amsar ya sake kunnawa. Aka aika daga wayar Mai Agogo, gyararren ya dawo. Aka aika daga ta Shugaba, haka. Anti ta sa Mataimaki ya karanto mata sunan duk asibitin da ya aiko saƙo tun farkon wata, tana rubutawa, don ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da uku ne.

Sannan ta nuna fayil ɗin. "Saura wannan. A cire takardar."

Shugaba ta kwance igiyar ta buɗe. Tuhumar tana sama, an huda ta an zura, an buga mata lamba a kusurwa: 214.

"Anti, kin fi ni sanin doka. Shafin da aka ba lamba ba ya fita daga fayil. Ke kika koya wa rabin masu ajiyar fayil na nan."

Gaskiya ne, ita ta koya musu. Ta tsaya tana kallon lambar, haƙoranta a cije. Shekara talatin da ɗaya, kuma duk wanda zai buɗe fayil ɗin don takardun ritayarta sai ya bi ta kan wannan shafin.

"To a rubuta na 215. Shi zai rubuta, da hannunsa, yanzu. Ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi wanda ya yi."

Mataimaki ya kalli Shugaba yana neman ceto. Ta tura masa takarda da biro. Ya rubuta layi huɗu yana huci: an janye tuhuma, sakatariya ba ta da laifi, shi ne bai gyara amsar mutanen waje ba. Ya sa hannu ya tura.

Anti ta ɗauka ta karanta har ƙasa. Ta mayar masa.

"Ba kwanan wata."

"Haba Anti, ai yau ne, kowa ya sani."

"Wanda zai buɗe bayan shekara goma bai sani ba. Rana, wata, shekara."

Ya rubuta. Ta tsaya har aka huda takardar, aka buga mata lamba, aka ɗaure igiya.

Ba a ba Mataimaki tuhuma ba. An ce an yi masa magana. Likita ya dawo ya ji labari ya ce, "Kai, abin bai yi daɗi ba," ya wuce ofis. Tsohon direban ya dawo ranar ashirin da huɗu, Anti ta sa shi farko a littafi, amma ɗinkin da ya buɗe ya sa aka ɗaga awonsa da mako biyar. Ƙanwarsa ba ta gaishe da Anti ba, Anti kuma ba ta ga laifinta ba.

Ta yi ritaya a watan Oktoba. Yanzu tana zaune a gida, tana duba wa 'ya'yan maƙwabta takardun neman aiki, tana faɗa da Mai Agogo a kan rasit ɗin da yake rubuta wa mutane "a dawo jibi". In baƙo ya yi kuskuren cewa ai an wanke ta, komai ya wuce, sai ta ajiye jan biron ta dube shi ta saman tabarau.

"An wanke ni a shafi na 215," take cewa. "Na 214 yana nan."